Yashi mai danshi yakan cika kwano, amma bai cika awo ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin zuba kankare ya san lissafin da ake bai wa leburori: siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Lissafin daidai ne, sai dai an gina shi a kan busasshen yashi. Wanda tifa ke saukewa daga kogi, ko wanda ruwan daren jiya ya daka, ba busasshe ba ne. Yashi kuwa idan ya yi danshi kumbura yake yi, ya cika kwano fal, alhali ainihin yashin da ke ciki bai kai abin da ake zato ba.

Kumburin nan ba irin na waken da aka jiƙa ba ne, domin ƙwayar yashi ba ta ƙara girma. Abin da ke faruwa shi ne ruwa kaɗan yakan lulluɓe kowace ƙwaya, ya manna ta da maƙwabciyarta a duk inda suka taɓa juna, ya hana su gangarawa su cike gibin da ke tsakaninsu. Sai tulin ya cika da iska. Kumburin yakan kai ƙarshensa idan nauyin ruwan da ke cikin yashin ya kai kamar kashi 4 zuwa 6 cikin 100. A nan yashin kankare na iya ƙaruwa da kashi 20 zuwa 30 cikin 100, mai laushi irin na filasta kuwa har ya kusan 40. Tsakuwa ba ta wannan hali sai ɗan abin da ba a kula da shi, saboda nauyin ƙwayarta ya fi ƙarfin ruwan.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne, idan aka ci gaba da ƙara ruwa sai kumburin ya fara sauka. Da zarar ruwa ya shanye kan yashin gaba ɗaya, mannewar ta warware, ƙwayoyin su zauna, yashin ya koma kusan girman da yake da shi a bushe. Wato yashin da ya yi jagab bai kai mai ɗan danshi ruɗi ba, wanda za ka dunƙule a hannu ya tsaya, tafinka bai ko jiƙe sosai ba. Wannan hali shi ya sa gwajin ya zo da sauƙi, ba sai an shanya komai ba.

A sami gwangwani ko kwalba mai miƙaƙƙen jiki, wadda faɗinta ɗaya ne daga ƙasa har sama. A ɗebo yashi daga cikin tulin, ba daga bayansa da rana ta busar ba. A zuba shi sakwa-sakwa kamar yadda lebura ke zubawa a kwano, kada a danna, a daidaita samansa, a auna tsayinsa. Mu ce ya kai santimita 20. Sai a juye shi a wani mazubi ba tare da an zubar da ko kaɗan ba, a zuba ruwa kamar rabin gwangwanin, a riƙa mayar da yashin kaɗan-kaɗan ana caccakawa da guntun rodi don iska ta fita. Idan ya lafa a ƙarƙashin ruwa, a sake aunawa. Mu ce yanzu santimita 16 ne.

Bambancin santimita 4 ke nan, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Da 16 ake raba 4 ɗin, wato tsayin yashin da ya zauna, sannan a ninka da 100. Amsar ita ce kashi 25 cikin 100. Wanda ya raba da 20 zai sami kashi 20, ya yi gyara, kuma yashinsa ya ci gaba da gazawa. Dalili kuwa shi ne ana auna kumburin ne a kan ainihin yashin, ba a kan kumburarren ba.

Yanzu mu kai lissafin wurin kwaɓi. Buhun siminti mai kilo 50 yana ɗaukar kusan lita 35, saboda haka kwaɓin ɗaya, biyu, huɗu yana son yashi lita 70 da tsakuwa lita 140 ga kowane buhu. Idan lebura ya auna lita 70 na yashin nan mai danshi, abin da ya zuba a zahiri lita 56 ne, wato 70 a raba da 1.25. Lita 14 sun ɓace a kowane buhu. Kwaɓin ya tashi daga yashi 2 ya koma 1.6 ba tare da kowa ya yi ha'inci ba. Gyaran shi ne a ninka 70 da 1.25, a auna lita 87.5 na mai danshin. Siminti da tsakuwa suna nan yadda suke.

Inda ake awo da kwano, kwano biyu ake ɗauka a matsayin buhu ɗaya, don haka yashi kwano huɗu zai koma biyar. Amma ni na fi son akwatin awo na katako, domin kwano ana tula shi yadda aka ga dama, tulin safe daban, na yamma da gajiya ta zo daban. Akwati mai faɗin santimita 25 da tsawon 35 da zurfin 40 a ciki yana cin lita 35 cif, a shafe samansa da katako. Don yashi mai kumburin kashi 25, kafinta ya yi wani mai gindi iri ɗaya amma zurfin 50, a ci gaba da ƙirga akwati biyu kamar kullum. Lebura ba ya bukatar wani sabon lissafi.

Wani zai ce ai ƙarancin yashi riba ce, tunda siminti ya fi yawa. Ba haka abin yake ba. Siminti da yashi su ne ke haɗuwa su cike gibin tsakuwa, idan suka gaza sai kwaɓin ya yi garas-garas, tsakuwa ta riƙa warewa a kan shebur, ya ƙi shiga tsakanin rodi. Leburori su ga ya yi wuyar aiki su ƙara ruwa, ruwan nan kuma shi ke rage ƙarfin kankare. Ranar da aka cire katako sai a ga ramuka a jikin ginshiƙi, wani wurin har rodi na leƙowa, ta nan danshi zai shiga tsatsa ta kama. Ga kuma siminti da zai ƙare kafin a kai inda aka ƙiyasta, domin kowane buhu ya ba da kankare ƙasa da lissafi.

Akwai gyara na biyu da ake yawan mantawa. Yashin ya zo da ruwansa. Lita 70 na busasshen yashi sun kai kamar kilo 110, idan danshinsa kashi 5 cikin 100 ne, akwai ruwa lita biyar da rabi a ciki. In injiniya ya ce lita 27 ga buhu, to kamar 21 da rabi za a zuba. Wanda ya ƙara yashi bai rage ruwa ba ya yi rabin aiki.

Kada kuma a riƙe kashi 25 ɗin kamar doka. Na wannan tulin ne, a wannan lokacin. Sabuwar tifa ta zo, a sake gwadawa. An yi ruwan sama, ko rana ta daɗe tana dukan tulin, a sake. Ko da rani ma, yashin da aka haƙo daga gindin kogi yakan riƙe danshi a ciki kwanaki. Manyan ayyuka da nauyi suke awo, inda danshin kashi 5 ke kawo kuskuren kusan kashi 5 kawai, mai sauƙin gyarawa. Mai ƙaramin gini da ba shi da sikeli, gwangwani da ruwa da abin awo sun ishe shi, muddin ya yi gwajin kafin a fasa buhun farko.