Idan Baturiya Ta Ce Ranta Ya Ɗan Sosu

A cikin Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda ake ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, akwai masu shagunan kayan fata da yanzu wani ɓangare na cinikinsu ta waya yake zuwa. Wani a Landan ko Faris ko Atlanta zai ga hoton jaka ko takalmi, ya biya, a naɗe a kai wa kamfanin aika kaya. Mai shagon ya san fata kamar yunwar cikinsa, amma sau da yawa ba ya karanta Turanci, balle Faransanci. Saboda haka idan saƙon ƙorafi ya shigo, sai ya miƙa wayar ga ɗansa ko yaron shago da ya yi sakandare, ya ce a faɗa masa abin da aka ce. A wannan miƙa wayar ne kuɗi ke yawan salwanta, ko da yaron ya san ma'anar kowace kalma.

Mu ɗauki misali. Wata mata a Mancesta ta sayi jakar fatar akuya kan fam 150, ta biya fam 40 na aikawa. Bayan kayan sun isa sai ta rubuto saƙo mai tsawo. Ta fara da godiya, ta yaba ɗinkin da launin, sannan ta ce ranta ya ɗan sosu saboda maratayin jakar ya gaza: an rubuta santimita 120, ita kuwa ta auna ta sami inci 41. Ta ce jakar na da wani wari mai ƙarfi, kuma akwai fararen ɗigo-ɗigo a cikinta. Ta ambaci cewa sai da ta biya mai kawo kayan wasu kuɗi kafin ya ba ta, alhali ba wanda ya gaya mata. A layin ƙarshe ta ce za ta so ta ji yadda mai shagon yake ganin za a warware kafin ranar Juma'a, don ba ta son abin ya kai ta ga tuntuɓar bankinta.

Yaron ya karanta, ya ɗago kai ya ce, "Baba, ta ce jakar ta yi kyau ƙwarai, tana godiya. Sai dai wai maratayin ya ɗan yi mata gajarta, kuma akwai ɗan warin fata." Alhaji ya ce, "To ai fata ce, me za ta yi in ba warin fata ba? Ka ce mata ta shanya." Ba ƙarya yaron ya yi ba. Amma ya bar abubuwa uku da suka fi komai nauyi: fararen ɗigon, kuɗin da ta biya a bakin ƙofa, da kuma Juma'a da banki.

Dalili biyu ne suka haɗu. Na farko daga wajen mai rubutun yake. Yawancin Turawan Ingila, idan suna ƙorafi a rubuce, sukan lulluɓe shi da ladabi. Yabo ne a gaba, fushi a rage masa ƙarfi da "ɗan", barazana kuma a ajiye ta can ƙasa cikin lafazi mai taushi. Wanda bai saba ba sai ya auna zafin saƙon da zafin kalmominsa, ya ɗauka ba komai. Na biyu daga wajenmu yake. Yaro ba ya iya duban mahaifinsa ko ubangidansa ya ce masa an ce kayansa sun yi fumfuna. Kunya da girmamawa sai su sa ya ƙara sassauta abin da dama an riga an sassauta shi. Kafin magana ta isa kunnen Alhaji an tace ta sau biyu.

Maganin wannan shi ne kada a fara da fassarar baki. Mai fassara ya zauna da takarda, ya karanta saƙon har ƙarshe, sannan ya fitar da amsar tambayoyi huɗu: me ya sami kayan, me mai sayen yake so a yi masa, zuwa yaushe, kuma me ya ce zai yi idan ba a yi ba. A saƙon matar nan, amsar ta ƙarshe ita ce ya kamata Alhaji ya fara ji, ko da yake ita ce ta zo a ƙarshen rubutu. "Tuntuɓar banki" na nufin za ta nemi bankin da ya ba ta kati ya janyo kuɗinta daga hannun mai sayarwa, abin da yake fitowa a allon kamfanonin karɓar kuɗi da sunan chargeback. Idan aka yi haka, kuɗin ya tafi, jakar tana can Mancesta, sau da yawa kuma akwai tara a kai. Fassarar da ta dace ita ce: "Baba, muna da zuwa Juma'a. In ba mu amsa ba za ta sa banki ya ƙwace kuɗin. Ga abin da take kuka da shi." Faɗin haka ba rashin kunya ba ne, don maganar ta mai saye ce, yaron ɗan aike ne kawai.

Sai lambobi, inda kuskure ya fi saurin shiga. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, don haka inci 41 ya kama santimita 104. Ke nan maratayin ya gaza da santimita 16 daga abin da aka yi alkawari. Wannan ya wuce "ɗan gajarta". Jakar da aka saya don a saƙala ta ta kafaɗa zuwa ƙugu ba za ta sauka inda ake so ba. Dole mai fassara ya juya awon zuwa wanda mai shago da badukunsa suke aiki da shi, ya rubuta duka biyun. Haka kwanan wata: idan Ba'amurke ya rubuta 04/05 yana nufin 5 ga Afrilu, ɗan Ingila ko Faransa kuwa 4 ga Mayu yake nufi, kuma wa'adi kan iya wucewa a tsakanin waɗannan biyun. Lambar takalmi ma haka. Lamba 8 ta Ingila ita ce wajen 42 a lissafin da aka saba da shi a kasuwanninmu, don haka idan mai saye ya ce ya nemi 8 an aiko masa 42, mai yiwuwa ba a yi masa kuskure ba, sai dai ko ƙirar takalmin ce ta matse.

Kuɗin da matar ta biya a bakin ƙofa kuwa ba na Alhaji ba ne, kuma bai shiga aljihunsa ba. A Birtaniya, kayan da darajarsu ta haura fam 135 ana karɓar harajinsu lokacin shigowa, kuma harajin saye a can kashi 20 cikin 100 ne, ana lissafa shi har da kuɗin aikawa. A kan fam 190 ba zai gaza fam 38 ba, ban da kuɗin kwastan da ladan da kamfanin aika kaya yake ɗorawa. Ƙasashen Tarayyar Turai sun soke sassaucin da suke yi wa ƙananan kaya tun 1 ga Yuli 2021, Amurka ma ta dakatar da nata na dala 800 a watan Agustan 2025. Mai fassara da bai san wannan ba zai iya gaya wa Alhaji cewa ana zarginsa da cin kuɗi, rai ya ɓaci a banza. Abin da matar take kuka da shi shi ne ba a sanar da ita ba tun kafin ta biya.

Wannan duk saƙo ɗaya ne. Amfanin aikin na gaske yana fitowa ne idan aka tara saƙonnin wata biyu ko uku aka dube su tare. A nan ƙa'idar ita ce a haɗa ƙorafe-ƙorafe bisa abin da ya haddasa su, ko da kalmomin masu sayen sun bambanta. A ce shagon ya sami ƙorafi daga mutum 18. Huɗu sun ce wari, uku sun ce fararen ɗigo, biyu sun ce jakar ta iso da laima. Idan aka jera su a matsayin matsaloli uku, kowacce za ta zama ƙarama, Alhaji ya kawar da kai. Amma idan aka duba ranakun da aka aika kayan aka ga duk tsakanin Yuli da Satumba ne, to magana ɗaya ce: fatar da aka jeme da bagaruwa tana shan danshin damina, an ɗaure ta cikin leda ba ta gama bushewa ba, ta yi kwanaki a rufe, fumfuna ta kama ta. Mutum 9 cikin 18 ke nan, rabin ƙorafin shagon. Gyaransa kuma ba shi da tsada: a bar kaya su sha iska a inuwa, a naɗe su da takarda ko yadi maimakon leda, a jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi.

A wajen ƙidayar, mutane ake ƙirgawa, domin mai fushi ɗaya zai iya turo saƙo shida a dare guda. Kuma a gwada adadin da yawan abin da aka sayar. Ƙorafi uku kan jakunkuna ɗari daban yake da ƙorafi uku kan takalma goma.

Akwai kuma rukunin da nake ganin ya kamata a ware shi gefe, wato kukan da ba aibin kaya ba ne. Mai saye zai ce launin jakarsa bai yi daidai da na hoto ba, ko akwai wani tabo a jikin fatar, ko zanen da aka rina a marinar Ƙofar Mata ya bar shuɗi a jikin farar rigarsa. Fatar akuyar da ta yi kiwo a daji ba ta rasa tabon ƙaya, rinin baba kuma yakan zuba a wankin farko. Ba baduku ko marini za a tuhuma ba. Layi biyu za a ƙara a bayanin kayan, cikin harshen mai saye, a faɗa masa haka tun kafin ya biya. Idan mai fassara ya cuɗa wannan rukuni da na fumfuna, sai Alhaji ya ɗauka duk tsirfar Turawa ce, ya yi watsi da su gaba ɗaya.

Aikin yana da iyaka. Mai fassara yana isar da abin da aka ce ne, bai ga jakar ba. Fararen ɗigon nan za su iya zama fumfuna, za su iya kuma zama man da aka shafa wa fatar ne ya daskare saboda sanyin Ingila, wanda yakan narke ya ɓace idan aka ɗumama wurin kaɗan, fumfuna kuwa ba ta narkewa kuma tana da warin ruma. Don haka a takardarsa ya rubuta "ta ce", kuma a nemi hoto kafin a yanke hukunci. Wanda ya ce kaya ba su iso ba, a duba lambar bin sawun kayan a ga ko an sa hannu an karɓa, don a cikin masu ƙorafi akwai 'yan damfara. Kuma kada mai fassara ya yi alkawari da bakinsa. Mayar da kuɗi, ko rage wani abu, ko aika sabon maratayi mai santimita 120, shawarar mai shago ce. Abin da ke kan yaron shi ne ya tura wa matar amsa a ranar, ko da layi biyu ne, cewa an ga saƙonta, ana neman hoton cikin jakar, kuma za ta ji matsayar shagon kafin Alhamis.