Minti Biyu na Farko a Ɗakin Intabiyu

Kafin a yi wa mai neman aiki tambaya ko guda, shi ma yana da nasa tambayoyin da ke cin ransa. Su wane ne waɗannan mutanen? Har yaushe za su riƙe shi? Me suke ta rubutawa? Muddin ba a amsa masa su ba, hankalinsa a rabe yake, kuma amsarsa ta farko ba za ta nuna iyakar saninsa ba. Shi ya sa ƙwararrun masu ɗaukar ma'aikata ke rubuta ɗan jawabin buɗewa, wanda bai wuce minti biyu ba, su karanta wa kowa iri ɗaya.

A ɗauka wata makaranta mai zaman kanta ce ke neman akawu, ta kafa kwamitin mutum uku. Bayan an gaisa an ba wa mai neman aikin wurin zama, shugaban kwamitin zai iya cewa:

"Malama, sannu da zuwa, mun gode da kika amsa gayyatarmu. Ni ne shugaban makarantar, wannan ma'ajinmu ne, wannan kuma ita ke kula da harkokin ma'aikata. Za mu yi kamar minti 30 tare. Tambayoyi shida muka tanada, kuma su za mu yi wa duk wanda muka kira. Wasu za su nemi ki ba mu labarin abin da kika taɓa yi, sai ki faɗi halin da aka shiga, matakin da ke da kanki kika ɗauka, da yadda aka ƙare. Za ki ga muna rubutu, don kada mu manta maganarki ne. In tambaya ba ta fito miki ba, ki ce a maimaita. In kina son ɗan tunani, ki yi abinki. Wataƙila mu katse ki saboda lokaci, kada ki ɗauka kuskure kika yi. Minti biyar na ƙarshe naki ne, ki tambaye mu abin da kike so. Za ki ji daga gare mu nan da ranar Alhamis. Akwai abin da kike buƙata kafin mu fara?"

Kowace jimla a nan akwai fargabar da take kashewa. Maganar rubutu, alal misali, ba ƙarama ba ce. Mutum yana cikin bayani ya ga kawuna uku sun sunkuya kan takarda, sai gabansa ya faɗi, ya fara gyara amsar da tun farko daidai take. Haka ma izinin yin shiru: wanda bai san an yarda ya yi tunani ba, zai cika ɗakin da surutu.

Dalilin karanta wa kowa abu ɗaya kuwa bincike ne ya kawo shi. A 1998, Frank Schmidt da John Hunter sun tattara nazarce-nazarcen shekara 85, suka gano cewa intabiyu mai tsari ta fi ta kara-zube nuna wanda zai iya aiki. Sannan a 2010, Murray Barrick da abokan aikinsa sun nuna cewa ra'ayin da mai tambaya ya ɗauka a 'yar hirar farko yakan bi shi har wajen ba da maki.

A nan ne gaisuwarmu ke buƙatar linzami. "Ina gajiya, ya hanya?" ta wadatar. Amma da zarar an zarce zuwa "'Yar gidan wa ce ke?" ko "Maigida ya yarda ki yi aiki?", to an soma auna mutum da abin da bai shafi riƙe littafin kuɗi ba. Wanda ya dace garinsu ɗaya da shugaban kwamiti zai sha raha na minti biyar, baƙo kuma ya samu gaisuwa a bushe. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi ko addini, kuma irin waɗannan tambayoyi su ne ƙofar da bambancin ke bi ya shigo, sau da yawa ba da mugun nufi ba.

Akwai kuma maganar da ya kamata a cire: "Ki saki jiki, hira ce kawai." Ba gaskiya ba ce, mai neman aikin ma ta san abincinta ake yanke wa hukunci. Bayanin abin da zai faru ya fi lallashi kwantar da hankali.

Shugaban kwamiti ya maimaita jawabin har ya zauna masa a baki, don ya riƙa ɗaga kai yana duban wanda yake yi wa magana. In ta waya ko bidiyo ake ganawar, sai ya ƙara abu biyu: ya nemi izini in za a naɗi maganar, ya kuma faɗi wanda zai sake kira in layi ya yanke.