Gaisuwa ba roƙon iri: yadda ake taya babban abokin ciniki murnar ranar haihuwa

Duk mai asusu a banki ya san saƙon nan da ke shigowa waya da sassafe ranar da ya ƙara shekara. Na'ura ce ta tura shi, ta ɗauko sunan mutum kamar yadda yake a fom, ta haɗa da kalmomin da ta tura wa dubban mutane a safiyar. Ba ya ɓata wa kowa rai, amma babu wanda ya taɓa jin an karrama shi da shi. Ɗan kasuwar da ke da manyan abokan ciniki goma ko ashirin, waɗanda su ne ƙashin bayan sana'arsa, yana iya yin abin da ya fi wannan nesa ba kusa ba. Sharaɗin guda ne: saƙon ya zama bai nemi komai a wajen mai karɓa ba. Da zarar ya nemi wani abu, ya koma abin da Hausawa ke kira gaisuwa da roƙon iri, kuma mutanenmu suna da saurin gane ta.

Kafin a ɗauki biro, akwai tambayoyi biyu. Ta farko, shin mutumin yana kula da ranar haihuwa? A ƙasar Hausa ba kowa ba ne. Akwai dattawan da suke ganin bikin baƙuwar al'ada ce, akwai kuma waɗanda suke guje masa saboda fahimtarsu ta addini. Irin waɗannan, gaisuwar sallah ko ta dawowa daga aikin Hajji ta fi yi musu daɗi. Alamar da za ta nuna maka ita ce ko shi da kansa ya taɓa ambaton ranar, ko ka ga iyalinsa suna taya shi murna a fili.

Ta biyu, daga ina ka samo kwanan watan? Mutane da yawa da aka haifa ba tare da an yi musu rajista ba, 1 ga Janairu aka rubuta musu a katin shaida don cike gurbi kawai. Idan ka aika saƙo ranar, ka nuna cewa takarda ka sani, ba mutum ba. Sannan wanda ya ba ka hoton katinsa don a rubuta yarjejeniya, ba don gaisuwa ya ba ka ba. A Najeriya, dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ginu a kan cewa a yi amfani da bayanin mutum don abin da aka karɓe shi dominsa. Hanya mafi tsabta ita ce ka ji ranar daga bakinsa.

Mu ɗauki misalin mai gidan ɗab'i a Kano, wanda shekara shida ke nan yana buga wa wata makaranta mai zaman kanta takardun jarrabawa da katin sakamako. Mai makarantar Hajiya ce da ta girme shi. Ga abin da yawancin mutane za su rubuta:

«Gidan ɗab'inmu yana taya babbar kwastomarmu murnar ranar haihuwa! Domin wannan rana, mun yi miki rangwamen kashi 10 cikin 100 a kan duk aikin da kika kawo kafin ƙarshen wata. Mu ne na ɗaya wajen inganci.»

Niyyar mai kyau ce, amma dubi abin da ke ciki. Gidan ɗab'in ne ya buɗe saƙon, shi ne ya rufe shi. Hajiya ba ta da suna, «kwastoma» ce. Rangwamen kuma yana da wa'adi, wato kafin ta amfana da kyautar sai ta ciro kuɗi daga jakarta cikin kwanaki ƙalilan. Wannan talla ce da aka yafa wa mayafin gaisuwa.

Ga yadda ya kamata ya kasance:

«Assalamu alaikum. Hajiya, ranki ya daɗe. Na tuna yau ce ranar da kika ƙara shekara, na ce ba zan bari ta wuce ban gaishe ki ba. Har yanzu ina tuna lokacin da injinmu ya lalace ana saura kwana uku jarrabawa, kika yi mana haƙuri, ba ki kai aikin wani wuri ba. Yaran shago ma ba su manta ba. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya albarkaci zuri'a, ya sa ki ga amfanin ɗaliban da kike tarbiyyantarwa.»

Sai ya sa sunansa a ƙasa, sunan gidan ɗab'in ya biyo baya a ƙaramin layi.

Ƙarfin wannan saƙo yana cikin jimlar tsakiya. Maganar injin da ya lalace ba za ta shiga saƙon kowa ba sai na Hajiya, kuma ita ce shaidar cewa mutum ne ya zauna ya tuna da ita. Lura kuma da abin da aka yaba: halinta, wato haƙuri, ba yawan kuɗin da take kashewa ba. Wanda ya rubuta «mun gode da cinikin da kike kawo mana» ya gaya mata cewa darajarta a aljihunta take. Addu'ar ma ta taɓa abin da ya dame ta, iyalinta da ɗalibanta, ba a ce Allah ya ƙara mana ciniki tare ba. Ba a ambaci yawan shekarunta ba, ba a yi tambayar da za ta tilasta mata amsawa ba.

Hanyar aikawa tana iya rushe duk wannan. Kati da aka rubuta da hannu, yaro ya kai ofis da hantsi, ya fi komai nauyi. Idan ta WhatsApp ne, a buga shi kai tsaye a shafinta, domin saƙon da ya zo da alamar Forwarded a samansa ya riga ya tona kansa. Kada a haɗa shi da hoton kaya ko jerin farashi. Kada kuma a ɗora hotonta a Status da tambarin shago sai da izininta, domin wannan amfani ne da fuskarta a tallata sana'a. Namiji da ke rubuta wa matar aure ya aika da rana tsaka, cikin lafazin girmamawa, irin saƙon da maigidanta zai karanta bai ɗaga gira ba.

Sai maganar bashi da kyauta. Idan akwai ragowar kuɗi a kanta, kada a ambata, kuma kada takardar tuni ta biyo baya a ranar ko washegari, in ba haka ba za a ɗauki gaisuwar a matsayin share fage. A bar mako guda ya shiga tsakani. Kyauta ba dole ba ce. In za a yi, ta zama ƙarama wadda ba ta da sharaɗi, kamar littafin rubutu mai ɗauke da sunanta, ba tambarin shago ba. Idan kuwa abokin cinikin jami'in gwamnati ne ko mai sayo wa kamfani kaya, kati kaɗai ya isa, saboda kyauta ga mai sa hannu a kwangila tana iya jawo masa zargin cin hanci.

Bayan an aika, a bar shi haka. In ta amsa da godiya, «Amin, Hajiya, Allah ya bar zumunci» ya wadatar, kada a ce ga dama ta samu a tambayi aikin zango mai zuwa. In ba ta amsa ba, ba a bin sawu. Kafin saƙon ya bar hannunka, karanta shi sau ɗaya ka tambayi kanka: da a ce daga yau ba za ta sake kawo aiki ba, zan aika shi a haka? Duk jimlar da ta sa ka yi jinkirin cewa e, ita ce tallar, a goge ta.