Karatu a Gida, Aiki a Aji

A tsarin da aka saba da shi, malami yakan ƙarar da lokacin darasi wajen bayani da rubutu a allo, ɗalibai suna kwafa, sannan ya ba su aikin gida. Ɓangaren da ya fi wuya, wato amfani da abin da aka koya, yaro yana yin sa ne shi kaɗai da dare, inda babu wanda zai tambaya idan ya cije. Tsarin juya darasi yana musanya wuraren biyu ne. Bayanin da a da ake kwafa a aji, shi ake ba ɗalibi ya tafi da shi gida ya karanta, aikin da a da ake kai wa gida kuma a yi shi a aji, malami yana tsaye a kai.

Waɗanda suka fi yaɗa wannan hanya malaman kimiyyar sinadarai ne guda biyu, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, na wata sakandare a Woodland Park da ke jihar Colorado ta Amurka. A 2007 suka fara naɗar darussansu a bidiyo saboda ɗaliban da tafiye-tafiyen wasanni ke sa su rasa aji, suka kuma fitar da littafi a kai a 2012. Kafin su, tun farkon shekarun 1990, Eric Mazur na Jami'ar Harvard ya riga ya fara sa ɗalibansa na fiziks su yi karatu kafin su zo, ya mayar da lokacin lacca na tambayoyi da muhawara. Wannan yana nuna cewa bidiyo ba sharaɗi ba ne, takarda ma ta isa. Wanda ya yi karatun zaure ba zai ji abin baƙo ƙwarai ba, domin ɗalibin kirki yakan yi muɗala'ar babin da zai ɗauka kafin ya zauna gaban malam.

Darasin riba da asara na aji biyu a ƙaramar sakandare ya dace da gwada yadda abin yake tafiya. Malamin lissafi yana rubuta takarda shafi ɗaya tak, wadda yaro zai iya gamawa cikin minti 15. A ciki akwai ma'anar kuɗin saye da kuɗin sayarwa, da ƙa'ida guda: a raba riba da kuɗin saye, a ninka da 100. Sai misali ɗaya da aka warware daki-daki. Wani ya sayi akuya naira 40,000, ya sayar 50,000. Ribarsa 10,000 ce, idan aka raba da 40,000 aka ninka da 100, an sami kashi 25 cikin 100. A ƙasan shafin akwai tambayoyi biyu masu sauƙi, da layi ɗaya inda yaro zai rubuta abin da ya shige masa duhu.

Rubuta irin wannan takarda ya fi yadda ake zato wuya. Bayanin da aka saba kwafa daga allo an shirya shi ne don a karanta bayan an ji malami, shi ya sa yakan zo a dunƙule, cike da kalmomin da ba a fassara ba. Takardar gida kuwa ita ce haɗuwar yaro ta farko da batun, kuma babu mai ɗaga masa murya ko maimaita masa. Malamin da ya ɗauki tsohon littafinsa ya buga shafi biyar ya raba, bai juya darasi ba, nauyinsa kawai ya sauke a kan yara.

Washegari, a darasi na minti 40, minti biyar na farko na bincike ne. Malami ya rubuta tambaya ɗaya a allo: an sayi akuya 50,000, an sayar 40,000, asarar kashi nawa ce? Kowa ya rubuta amsarsa a takarda ya ɗaga. Amsar daidai ita ce kashi 20. Wanda ya rubuta 25 ya karanta takardar, amma ya raba da kuɗin sayarwa, ko kuma ya haddace amsar jiya ganin lambobin iri ɗaya ne. Wanda ya rubuta 10,000 ya gane asarar, bai gane kason ba. Wanda takardarsa take fara fat, mai yiwuwa bai buɗe komai ba. Cikin ɗan lokaci malami ya san rukuni uku na matsala, abin da a tsohon tsari sai ya kwashi littattafai ya duba kafin ya gano.

Daga nan sai tambayar da ba ta cikin takarda. Mai shago ya ƙara wa kayansa kashi 20, kasuwa ta ƙi, ya rage kashi 20. Ya koma farashin farko? Yawancin yara za su ce e. A nan dabarar Mazur take aiki: kowa ya fara amsawa shi kaɗai, sannan ya juya ga na kusa da shi da suka saɓa, kowa ya yi ƙoƙarin shawo kan ɗan'uwansa, a sake jefa tambayar. Da zarar wani ya gwada da naira 1,000, ya ga ta hau 1,200, kashi 20 na 1,200 kuma 240 ne, farashi ya sauka 960, gardama ta ƙare. Masu bin wannan dabara sukan yi amfani da ma'auni: idan waɗanda suka dace a zagayen farko suna tsakanin kashi 30 da 70 na ajin, a bar su su tattauna. Idan ba su kai 30 ba, malami ya sake bayani da kansa, domin babu isassun masu jan sauran. Idan sun haura 70, a wuce gaba. Sauran lokacin na warware tambayoyi ne rukuni-rukuni, malami yana zagayawa, ya fi daɗewa wurin masu rauni.

Abin da ya fi kashe tsarin shi ne tausayin da ba a yi shi a muhallinsa ba. Malami ya shigo ya tarar rabin aji bai karanta ba, sai ya koma allo ya yi bayanin daga farko. Waɗanda suka karanta sun ga wahalar banza suka sha, mako mai zuwa su ma su daina. Mafita ita ce a ware marasa karatun gefe guda, su karanta shafin a minti goma na farko sannan su shiga aiki, a kuma sa ɗan maki a kan tambayoyin ƙasan takarda, makin ƙoƙari ko da amsar ba daidai ba ce.

Amma ba duk rashin karatu ne lalaci ba, kuma bai kamata a hukunta yaro a kan halin gidansu ba. Akwai yarinyar da daga boko sai Islamiyya, daga nan sai aikin gida ko talla, ga rashin wuta da dare. Akwai yaron da bai iya karanta Turanci da kansa ba tukuna, wanda takardar ba za ta amfane shi da komai ba sai an sa masa fassarar muhimman kalmomi da Hausa a gefe. Inda irin waɗannan suka yi yawa, gara a samar da lokacin karatun a cikin makaranta, kafin a tashi ko a wani darasin da babu malami. Kuɗin buga takardu ga aji mai yara 80 ma abin lissafi ne, shi ya sa ya fi dacewa a fara da darasi ɗaya a mako, a kan batun da ƙa'idarsa gajera ce amma amfani da ita ke ba yara wahala. Batun da yake sabo fil, kamar ranar farko ta aljabara, ya fi kyau a buɗe shi a aji da bakin malami, takarda ta biyo baya a darasi na biyu.