Jakar Alhaji: Kilo, Suna da Amanar Abokin Tafiya

Duk wanda ya taɓa ganin ranar awon kaya a masaukin alhazanmu a Makka ya san a nan hankali ke tashi. Ma'aunin da alhazan Najeriya suka daɗe da sabawa da shi shi ne kilo 32 a babbar jaka, kilo 8 a ta hannu, ko da yake kamfanin jirgi kan zo da nasa tsarin, don haka a tambayi jami'in alhazai tun daga gida.

A ce Hajiya ta ɗora jakarta a sikeli, dabino da darduma da jallabiyoyin jikoki sun kai ta kilo 37, ta abokiyar ɗakinta kuwa 26 ce. Jimilla 63, ba su kai 64 ɗin da ke haƙƙinsu su biyu ba. Sai ta ɗauka an gama. Ina! Ko an yarda ayari ya haɗa nauyinsa, ba a barin jaka guda ta haura kilo 32, domin mutane ne ke ɗaga ta da hannu. Dole a kwashe kilo 5 a mayar ɗaya jakar.

To, a nan nake roƙon a yi hattara. Abin da ya shiga jakarki, Hajiya, naki ne a idon hukuma, tunda sunanki da lambar fasfonki ke jiki. Kada ki karɓi ƙullin da ba a kwance a gabanki ba, musamman a tafiya, inda ƙwaya ko goro kan jefa mai jaka cikin tashin hankali a Jidda. A dawowa kuma Zamzam ne matsalar. Na'ura na ganin ruwan da aka cusa cikin zannuwa, a buɗe jakar a fitar, alhali jirgi kan kawo wa kowa lita 5.

Jakunkunan jiha guda kamarsu ɗaya, saboda haka a rubuta suna, lambar fasfo, jiha da ƙaramar hukuma da alƙalamin da ba ya gogewa, a kuma saka wata takardar a ciki, don ta waje kan yage. 'Yar takardar shaidar kaya da ake bayarwa wajen awo, da ita ake neman jaka in ta ɓata; a ajiye ta tare da fasfo.

Kiran suna kuma, daga sansanin alhazai har ƙofar jirgi, da sunan da ke fasfo ake yi. Dattijon da duk gari ke kira Baba Tanko zai iya zaune ana ta kiran Muhammad Sani bai motsa ba, sai in na kusa da shi ya san sunan. Mai zuwa alwala ya faɗa wa shugaban ayari, domin in mutum ɗaya bai hau ba alhali jakarsa na ciki, sai an lalubo ta an sauke kafin jirgin ya tashi, ɗaruruwan bayin Allah na zaune suna jira.