Kamannin Rubutu Ba Shi Ne Satar Fasaha Ba

A jami'o'i da dama, kafin ɗalibi ya kare kundinsa sai an saka shi a manhajar Turnitin. Aikinta shi ne ta gwada kalmomin kundin da tarin rubuce-rubucen da ke rumbunta, ta shafa wa duk inda suka zo ɗaya launi, sannan ta fitar da kashi cikin ɗari. Iyakarta ke nan. Ba ta san ɓarawo ba, kuma kamfanin da ya ƙera ta ma ya ce kamanni take aunawa, hukunci kuwa na malami ne.

A ce wata ɗaliba tana auna furotin ɗin da ke cikin wake. Za ta bi hanyar da Johan Kjeldahl ya fito da ita a 1883, wato ta fara gano yawan naitirojin, sannan ta rubuta:

% protein = % N × 6.25

Wannan 6.25 ba ra'ayin kowa ba ne. Naitirojin kusan kashi 16 ne na nauyin furotin, in ka raba 100 da 16 kuwa abin da za ka samu ke nan. Haka za ta rubuta cewa ta busar da garin waken a zafin digiri 105 har nauyinsa ya daina sauyawa. Dubban masu bincike sun rubuta wannan jimla kafin a haife ta, don haka dole manhajar ta yi mata fenti. To, yaya ake so ta faɗe shi? In ta shiga sauya kalmomi don gudun launi, wanda zai maimaita gwajin ne zai ruɗe, alhali dominsa aka rubuta wannan babin. Abin takaici ne a ce tsoron lamba ya sa ɗalibai suna lalata ma'anar da masana suka daɗe da daidaitawa a kanta.

Malamin da ya san aikinsa yakan buɗe rahoton ya ga a ina launin ya faɗa. Zai fara da umartar manhajar ta tsallake jerin manazarta da maganganun da aka sa cikin baka. In abin da ya rage guntaye ne a babin hanyoyin bincike, kowanne daga tushe daban, ko sun kai kashi 30 ba laifi. Amma kundi mai kashi 8 kacal yana iya ɗauke da sata, in duk takwas ɗin sakin layi ne dogaye daga maƙala ɗaya, a wurin da ya kamata ɗaliba ta fassara sakamakonta da bakinta. In har alƙaluman teburinta ma suka zo ɗaya da na wani, nan ya kamata a kira ta a zauna.

Sai dai wannan uzuri bai ɗauke mata ambaton tushe ba. Dole ta faɗi littafin da ta ɗauko hanyar gwajin, in kuma ta kwafo ma'anar da wani marubuci ya tsara da kalmominsa, ta sa ta cikin baka da sunansa.