Juya ranar haihuwa daga Hijira zuwa Miladiyya kafin lissafin taurari

Masu ilimin taurari ba sa zana taswirar haihuwar mutum sai sun san inda rana da wata da sauran taurari suke a lokacin da ya zo duniya. Jadawalolin da suke dubawa a yau kusan duk da kwanan Miladiyya aka tsara su, alhali iyaye da yawa da watan Musulunci suke tuna haihuwar 'ya'yansu. Saboda haka dole a fara da juya kwanan wata, kuma a nan ne kuskure ya fi shiga.

Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta Miladiyya kuwa 365 ko 366. Ratar kusan kwana 11 ce ke sa Azumi ya zaga damina da hunturu da bazara cikin shekara 33. Don haka watan Musulunci shi kaɗai ba ya nuna burujin da rana take ciki, sai an san shekarar. Hanyar kintace ita ce a ninka shekarar Hijira da 0.97, a ƙara 622. Wannan shekara kawai take kusantowa, ba ta ba da rana.

A ɗauki misalin wanda aka ce an haife shi a daren 27 ga Ramadan 1410, bayan sallar isha. Lissafin ya ba da 1989.7, wato shekarar ta kama a rabin ƙarshe na 1989. A kalandar lissafi, wadda ke jera watanni 30, 29, 30, 29, ranar 1 ga Muharram 1410 ta faɗo Juma'a 4 ga Agusta 1989. Watanni takwas da ke gaban Ramadan kwana 236 ne, sai 1 ga Ramadan ta zama Laraba 28 ga Maris 1990, 27 ga wata kuma Litinin 23 ga Afrilu. Mai gaggawa a nan zai tsaya, ya zana taswirar daren 23. Ya makara da kwana guda, domin a ƙidayar Musulunci kwana yana farawa ne daga magariba, dare yana gaba da yininsa, kamar yadda daren Juma'a yake shiga tun faɗuwar ranar Alhamis. Haihuwar ta auku ne Lahadi 22 ga Afrilu da dare.

Ko wannan ma bai gama tabbata ba. Kalandar lissafi daban, Ummul Ƙura ta Saudiyya daban, ganin wata da ido kuma daban. A Nijeriya Sarkin Musulmi ne ke sanar da tsayuwar wata, kuma akan samu shekarar da Nijar ta kama azumi a wata rana dabam. Idan garin da aka yi haihuwar sun ɗauki azumi ranar 27 ga Maris, daren ya koma Asabar 21 ga Afrilu. Manhajar waya ba ta san wannan ba, tsarin da aka saka mata kawai take bi, shi ya sa manhajoji biyu kan ba da amsa biyu.

Kwana guda ba ƙaramin abu ba ne a wannan fanni. Rana tana tafiyar kusan digiri ɗaya a kullum, ba ta cika sauya buruji ba sai haihuwar ta zo a kan iyaka. Wata kuwa yana cin kusan digiri 13, yana ƙetare buruji cikin kwana biyu da rabi, don haka kuskuren kwana ɗaya na iya kai shi wani buruji.

Abin da ke raba gardama shi ne ranar mako, domin ita ba ta sauyawa tsakanin kalandojin biyu. Iyaye kan manta kwanan wata amma su riƙe ranar, sunaye irin su Ladi, Talatu, Ɗanlami da Asabe kuma shaida ce da mutum ke yawo da ita. In lissafi ya ba da Litinin, uwa ta ce Lahadi ce, a bi uwa, amma a tambaye ta da rana ne ko da dare. Taswirar kanta ma tana tona babban kuskure: a 27 ga wata dole a ga wata dab da rana, a 14 kuma yana fuskantarta daga ɗaya ɓangaren.

Saura tarko ɗaya. Shekarar Miladiyya guda tana iya ɗaukar wata ɗaya sau biyu. A 2000 an yi Ƙaramar Salla a Janairu, aka sake yi a Disamba. Wanda aka ce an haife shi ranar Salla a 2000, sai an bincika Sallar 1420 ce ko ta 1421 kafin a buɗe jadawali.